Yadda Ake Tsara Abincin Daren Litinin Zuwa Juma'a Da Tukunyar Firesha

Ina dawowa daga aiki wajen ƙarfe biyar da kwata na yamma, mu shida ne a gidan, kuma ƙa'idata ita ce kafin a kira Magariba na sauke tukunya. Abin da ya sa hakan yake yiwuwa shi ne tukunyar firesha mai lita 7, wato mai kulle tururi a ciki don abinci ya yi saurin dahuwa, da wani ɗan tsari da nake bi. Tukunyar ita kaɗai ba ta isa ba. Na san gidaje da yawa da aka kawo ta cikin kayan ɗaki, aka dafa ƙafar sa sau ɗaya ranar Sallah, aka mayar da ita saman kabad. Idan kina so ta rage miki gas da lokaci, sai kin gina girkin makon a kanta: abubuwa masu taurin dahuwa a yi su sau biyu kacal, Lahadi da Laraba, sauran ranakun kuwa haɗawa ce da ba ta kai awa guda ba.

Kayan da za ki tanada

Tukunyar firesha mai lita 6 zuwa 8 ta ishi gida mai mutum biyar ko shida. Kada ki sayi ƙarama don arha, domin ba a cika ta kamar sauran tukwane, kusan rabinta kawai kike amfani da shi. Kafin ki biya kuɗi, ki tambayi mai shagon ko yana sayar da robar murfinta daban. Tukunyar da ba a samun robarta a kasuwa, ranar da robar ta mutu ita ma ta mutu.

Bayan ita kina buƙatar tukunya ta gama-gari guda ɗaya don miya, kofin awo mai cin rubu'in lita (duk inda na ce kofi a nan, shi nake nufi), agogo ko wayarki don ƙirga minti, robobin ajiya masu murfi guda biyar ko shida, matsami, muciya, da tsinken tsintsiya mai tsabta don share bututu.

Cefanen makon, na mutum shida: naman sa kilo ɗaya da rabi mai haɗe da ƙashi, wake kofi 4, shinkafar tuwo kofi 4, shinkafar dafawa kofi 8, doya madaidaiciya guda ɗaya, garin masara, kuka, daddawa, gyaɗa niƙaƙƙiya kofi ɗaya, ɓarin kabewa, alayyahu da yakuwa, sai tumatir da tattasai da attaruhu da albasa da za su cika kwano babba, da man gyaɗa da manja. Idan a Kano kike, kayan gwari sun fi sauƙi a 'Yankaba in za ki sayi na mako gaba ɗaya, wake kuwa gara a auno mudu-mudu lokacin kaka a ajiye.

Mataki na 1: Ki san tukunyar kafin ki zuba mata abinci

A tukunyar gama-gari, ruwa yana tafasa a kusan digiri 100, kuma duk yadda kika ƙara wuta ba zai wuce nan ba, tururi ne kawai zai yi ta tashi da kuɗin gas ɗinki. Ita firesha tana kulle tururin a ciki, sai zafin ya hau zuwa kusan digiri 120. Wannan ƙarin ne yake narka jijiyar nama da cikin wake da sauri. Mutanen Jos suna cikin waɗanda suka fi cin ribarta, domin a tudu irin nasu ruwa yana tafasa tun bai kai digiri 100 ba, shi ya sa wake yake daɗewa a wuta a can.

Abubuwa uku za ki duba a murfin. Akwai robar da ke zagaye da bakinsa. Akwai bututu a tsakiya da ɗan ƙarfe mai nauyi da yake zama a kansa, wanda wasu ke kira usur. Akwai kuma ɗan bawul na kariya a gefe, wanda yake buɗewa idan bututun ya toshe. Duk lokacin da za ki ɗora girki, ki ɗaga murfin ki leƙa bututun ta wajen haske. In ba ki hango haske ba, ki zura tsinke ki share.

Ranar farko ki gwada ta da ruwa zalla, kofi 2. Ki rufe, ki ɗora a wuta mai ƙarfi, ki tsaya ki ga yadda take nuna ta ɗauki tururi. Wata usur ɗinta yana ɗagawa ya yi ƙara sannan ya koma, wata yana ta rawa yana huci ba tsayawa, wata kuma wani ɗan tsinke ne yake tasowa. Daga wannan lokacin ake fara ƙirga minti, ba daga lokacin da kika kunna wuta ba. Kuma minti za ki ƙirga, kada ki ƙirga yawan ƙarar usur, domin yawan ƙarar ya danganta da ƙarfin wutarki.

Ga inda yawancin mutane suke asarar ribar tukunyar: da zarar ta fara huci, ki rage wutar can ƙasa, daidai yadda za ki riƙa jin ɗan huci kaɗan-kaɗan. Barin wuta a sama ba ya ƙara saurin dahuwa ko da minti ɗaya. Zafin cikin ya riga ya kai iyakarsa, duk abin da kika ƙara ta bututu yake fita, ruwan ya ƙone, gindin ya kama.

Dokar cikawa kuma ba ta da sassauci. Nama da miya kada su wuce kashi biyu cikin uku na tukunyar. Wake da shinkafa da duk abin da yake kumfa ko kumbura kada su wuce rabi, har da ruwansu. Ruwa kuma kada ya gaza kofi ɗaya, in girkin zai wuce minti 20 ki sa aƙalla biyu.

Mataki na 2: Ki jera kwanakin bisa abin da yake fara lalacewa

Kafin ki tambayi abin da ranki yake so, ki tambayi abin da ba zai jira ba. Alayyahu da yakuwa da aka saya ranar Asabar ko Lahadi ba za su kai Alhamis da kyan gani ba, don haka miyar ganye ita ce ta Litinin. Nama da romon da aka dafa Lahadi suna iya kwana uku zuwa huɗu a firiji mai sanyi, don haka Litinin da Talata nasu ne. Wake busasshe ne, ba ya gaggawa, sai Laraba da Alhamis. Kuka da daddawa da garin masara ko wata guda za su yi suna jiranki, su ne na Juma'a.

Makon nawa yakan fito haka: Litinin tuwon shinkafa miyar taushe, Talata dafa-duka, Laraba faten wake da doya, Alhamis garau-garau, Juma'a tuwon masara miyar kuka. Kina iya sauya kowanne da ɗan'uwansa, misali dankalin Hausa a madadin doya, ko kuɓewa busasshiya a madadin kuka, muddin jerin bai rushe ba.

Mataki na 3: Aikin Lahadi

Wannan shi ne ginshiƙin makon, kuma bai fi awa ɗaya da rabi ba. Ɗori biyu za ki yi a tukunya ɗaya ba tare da kin wanke ta a tsakani ba.

Ki fara da nama. Ki yanka shi daidai wa daida, kamar girman ƙwan kaza, domin ƙanana za su dagargaje kafin manya su nuna. Ki zuba albasa, citta, tafarnuwa, gishiri, masoro, da ruwa kofi 4. Ruwan ya fi abin da naman yake buƙata, amma da gangan ne, romon muke so. Ki rufe, wuta mai ƙarfi har ta yi huci, wanda zai ɗauki kamar minti 10, sannan ki rage ki ba shi minti 20. Ki kashe, ki bar ta ta huce da kanta. Kada ki taɓa usur. A wannan minti 15 da take hucewa naman yana ci gaba da dahuwa ba tare da kin ƙona gas ba, kuma naman da aka saki tururinsa da gaggawa yakan fito da ɗan tauri da bushewa.

Minti 20 ɗin na naman sa ne madaidaici. Naman akuya ko rago kusan haka ne. Kazar Hausa tsohuwa tana cin minti 20 zuwa 25, kazar gidan gona kuwa 8 zuwa 10 sun ishe ta, in kika wuce sai ki tarar da ƙashi daban nama daban. Tumbi da ganda suna son rabin awa ko fiye, ƙafar sa minti 45 zuwa awa guda. A nan ne ribar kuɗi ta biyu take: ƙirji, jijiya, wuya, kayan ciki da ƙafa, waɗanda mahauci yake bayarwa da rangwame saboda cin wutarsu, su ne suka fi dacewa da wannan tukunya, kuma romonsu ya fi na tsoka zalla kauri da daɗi.

Idan ta huce kika buɗe, ki karkatar da murfin gaba don tururin ya kauce wa fuskarki. Ki tsame naman ki raba shi uku, ki tace romon shi ma ki raba uku. Kason Litinin da na Talata su shiga firiji, na Juma'a kuwa firiza zai shiga, domin kwana biyar ya yi wa firiji yawa.

Ɗori na biyu kayan miya ne, kuma wannan dabarar ita na fi so in koya wa mutane. Yadda muka saba, a markaɗa tumatir ɗanye a ɗora a yi ta jira ruwan ya tsotse, wani lokaci har minti 40 wuta tana ci. Firesha ba ta tsotse ruwa, don haka zuba mata markaɗe ɓata lokaci ne, kuma yakan kama gindi. Maimakon haka ki wanke tumatir da tattasai da attaruhu da albasa, ki raba manyan biyu, ki zuba su haka nan da ruwa kofi ɗaya. Ki ɗora manyan yankan kabewa a samansu. Bayan huci minti 5, ki kashe, ki bari ta huce. Ki cire kabewar ki ajiye wa Litinin. Kayan miyan ki juye a matsami, ruwan ya tsiyaye a kwano, sannan ki markaɗa ko ki jajjaga abin da ya rage. Zai fito da kauri, tsamin ya mutu, suyar minti 15 a mai ta ishe shi. Ruwan da ya tsiyaye kada ki zubar, na dafa-dukan Talata ne.

Ki soya jar miyar har mai ya taso sama, ki raba ta uku: ta taushe, ta dafa-duka, ta fate. Ki zuba komai a robobi marasa zurfi don ya yi saurin hucewa, ya shiga firiji cikin awa biyu. A watannin zafi, Maris zuwa Mayu, awa ɗaya ma ta isa, kada ki bar romo a kan kanta ki tafi barka.

Mataki na 4: Litinin, tuwon shinkafa miyar taushe

Bari in bi da ke da agogo. Ƙarfe 5:25 na wanke shinkafar tuwo kofi 4, na zuba ruwa kofi 9 da cokali ɗaya na man gyaɗa don ya kwantar da kumfa. A tukunya mai lita 7 wannan bai kai rabi ba, in taki mai lita 6 ce ki rage zuwa kofi 3 da ruwa 7. Wajen 5:37 ta fara huci, na rage wuta. 5:49 na kashe. Ban buɗe ba sai 6:05, da ta huce da kanta. Shinkafa ba a sakin tururinta da gaggawa, ruwan danƙo ne zai biyo bututun ya fesa miki a bango.

Da na buɗe, shinkafar ta yi luguf. Na mayar da ita kan ƙaramar wuta ba murfi, na tuƙa da muciya, in ta yi ƙarfi in yayyafa ruwan zafi. Na rufe da faranti ta turara minti 5, na kwashe. Gara ruwan ya gaza ki ƙara wajen tuƙi da ya yi yawa ki koma neman garin ɗauri.

Ita miyar a tukunyar gama-gari ake yin ta, a daidai lokacin da shinkafar take kan wuta. Romo, jar miya, daddawa da naman su tafasa, ki dame kabewar da ta riga ta nuna ki zuba, ki dama gyaɗa da ruwa ki zuba kina juyawa. Bayan minti 10 sai yakuwa, sannan alayyahu a ƙarshe. Miyar da aka sa wa gyaɗa ko agushi ba ta shiga firesha a rufe, tana zama a gindi ta ƙone tun tururi bai taru ba. Ƙarfe 6:20 an gama.

Mataki na 5: Talata, dafa-duka

Wannan ne girkin da ya fi ba sababbin hannu kunya, kuma dalili ɗaya ne: juyawa. Idan kika gauraya jar miya da ruwan, ruwan zai yi kauri, ya kama gindi, ki ji ƙauri tun kafin huci. Jerawa ake yi. Ki fara zuba romo da ruwan tumatirin Lahadi, ki cika su da ruwa su zama kofi 5, ki ɗanɗana gishiri da kayan ƙamshi tun yanzu. Ki zuba wankakkiyar shinkafa kofi 4, irin turararriya mai tsawo, ki baje ta ta nutse. Sannan ki ɗora jar miyar da naman a sama, ki rufe ba tare da kin juya ba. Minti 6 bayan huci, ki kashe, ki bar ta minti 10 zuwa 15. Sai kin buɗe za ki juya, launin ya bi ko'ina.

Ki lura ruwan bai kai yadda kika saba ba. A tukunyar gama-gari wani kaso yana tafiya a tururi, a nan kuwa kusan duk abin da kika zuba yana nan. In kika sa kofi biyu ga kowane kofin shinkafa, tuwo za ki sake ci. Shinkafa kuma kala-kala ce, sabuwa ba ta shan ruwa kamar tsohuwa, don haka duk sabon buhu ki rubuta abin da ya ba ki a ɗorin farko ki gyara a na biyu.

Mataki na 6: Laraba da Alhamis, wake ɗaya girki biyu

Da safe kafin ki fita, ki tsince wake kofi 4 ki jiƙa. In kin manta ba komai, ƙarin minti kaɗan ne. Da yamma ki zubar da ruwan jiƙon, ki zuba sabo ya sha kan waken da kamar gaɓar yatsa biyu, ki sa albasa, gishiri da cokali ɗaya na mai. Ki tabbata bai wuce rabin tukunya ba. Jiƙaƙƙen wake minti 6 zuwa 8 bayan huci, wanda ba a jiƙa ba 12 zuwa 15, tsohon wake da ya shekara a buhu yakan nemi 20. Ki bar ta ta huce da kanta.

Kada ki sa kanwa. Na taɓa yi a farkon zuwan tukunyar, bisa sabo, kuma na cika ta fiye da rabi. Kumfar ta hau ta toshe bututu, bawul ɗin kariya ya buɗe, ruwan wake ya yi wa silin ɗin kicin zane da har yau ana ganin alamarsa. Kanwa don saurin nuna ake sa ta, zafin tukunyar ya riga ya yi wannan aikin, kuma tana baƙanta tukunyar alminiyom. Haka kuma kada ki zuba tumatir tun farko, tsami yana hana wake laushi.

Da kin buɗe, waken zai kasance ya nuna amma bai fashe ba. Ki tsame rabi da matsami, ki baje a faranti ya huce, ya shiga firiji. Wannan na gobe ne. Rabin da ya rage a tukunya tare da ruwansa, ki zuba masa yankakkiyar doya manya-manya, ki ƙara kofi ɗaya na ruwa in ya yi kauri, ki ɗora jar miya da manja da ɗan busasshen kifi a sama, kada ki juya. Minti 5 bayan huci, ki kashe. Wannan karo na biyun waken zai narke, doyar ta nuna, ki buɗe ki juya a ƙaramar wuta har faten ya haɗe.

Alhamis ita ce ranar hutu. Shinkafa kofi 4, ruwa kofi 5, waken jiya a sama, minti 6, a bari ta huce. Kafin nan kin soya man gyaɗa da albasa, kin yanka tumatir da latas, yaji yana kwalba. In da hali a dafa ƙwai.

Mataki na 7: Juma'a, ranar da murfin zai huta

Tuwon masara, tuwon dawa, miyar kuka, kuɓewa, kunu, talge: babu ɗayansu da ake rufe wa murfin firesha. Suna da kauri ko yauƙi, suna toshe bututu, kuma dama ba su da taurin da zai sa a nemi taimako. Taliya ma gara a bar ta a tukunyar gama-gari saboda kumfa. Abin da firesha ta yi wa Juma'a ta riga ta yi shi tun Lahadi. Ki sauko da nama da romon daga firiza zuwa firiji tun daren Alhamis, ki tafasa su sosai da daddawa da attaruhu, ki kaɗa kuka. Gindin tukunyar yana da kauri, don haka ni a cikinta nake tuƙa tuwon, a buɗe.

Idan wani abu ya gaza

Babbar matsalar wannan tsari ita ce wutar lantarki. Firijin da ba a buɗe shi yana riƙe sanyi kamar awa huɗu bayan an ɗauke wuta, firiza cikakkiya takan kai kwana biyu, wadda take rabi kuwa kwana ɗaya. In unguwarku takan kwana ba wuta, kada ki dogara da firiji har Juma'a. Ki rage naman Lahadi zuwa na kwana biyu, ki soya shi ya bushe, romon ki ƙarar da shi a miyar Litinin. Jar miyar ki soya ta sosai mai ya rufe kanta, ki riƙa tafasa ta safe da yamma, ita ma kada ta wuce Talata. Waken Laraba da na Alhamis ki dafa kowanne a ranarsa, tunda bai fi rabin awa ba. Miyar kukar Juma'a kuma busasshen kifi da daddawa sun wadatar. Duk abin da ya canja wari, ko ya yi kumfa, ko ya yi yauƙin da ba nasa ba, zubarwa ake yi. Tafasawa ba ta gyara abin da ya riga ya lalace, musamman dafaffiyar shinkafa.

In da risho kike girki, komai ɗaya ne, lagwani kawai za ki rage. Gawayi ya fi wuya domin ba a rage shi da maɓalli. Da ta yi huci ki sauke tukunyar, ki kwashe fiye da rabin garwashin, ki mayar. Garwashin da kika kwashe ki ɗora miya a kansa. Ki kula kada harshen wuta ya lashi hannun tukunyar, roba ce, tana narkewa. Mai tukunyar firesha ta lantarki kuma ta ƙara minti biyu ko uku a kan lokutan da na faɗa, domin yawancinsu ba su kai ta kan wuta zafi ba.

Idan kin ga tururi yana fita ta gefen murfi kuma minti 15 sun wuce ba huci, robar ce: ko ba ta zauna daidai ba, ko wani abu ya maƙale a bakinta, ko ta tsufa ta saki. Ki kashe, ki bari ta huce, ki gyara. Robar da ta tsage ko ta yi tauri canja ta ake yi, kuma takan nemi canji kamar shekara-shekara ga mai girki kullum. Bayan wanki ki ajiye murfin a kife a kan tukunyar ba a kulle ba, robar ta fi daɗewa haka kuma ba ta riƙe wari.

Idan kuma tana huci sai ta yi shiru alhali wuta tana ci, ko kin ji ƙauri, ki kashe nan take. Ko ruwa ya ƙare, ko bututu ya toshe. Kada ki girgiza ta, kada ki cire usur, kada ki murɗa murfi da ƙarfi. Murfin da ya ƙi buɗuwa yana gaya miki da sauran tururi a ciki. In kina sauri kuma abin da ke ciki doya ce ko dankali ko kabewa, ki kai tukunyar bakin famfo ki sakar mata ruwan sanyi a gefen murfi, ban da kan bututu, har hucin ya mutu. Ta lantarki ba a yi mata haka. Suya da mai mai yawa kuwa ba a taɓa yin ta da murfi a kulle.

Yadda za ki gane ko kina samun riba

Ki ɗauki waken Laraba a matsayin ma'auni. A tukunyar gama-gari, a kicin ɗina, yakan ci awa guda ko fiye a wuta mai ƙarfi, kuma sau biyu zan dafa shi a mako. A firesha, minti 10 ne na wuta mai ƙarfi, minti 8 na ƙaramar wuta, sau ɗaya. Nama ma haka, maimakon tafasa uku a mako ya koma ɗaya ta rabin awa.

Amma lissafin da ya fi gaskiya shi ne na silindarki. Ranar da aka cika ta, ki rubuta kwanan wata a jikinta da alli ko a takarda ki manna. Ranar da ta ƙare ki ƙirga kwanakin. Ki yi haka sau ɗaya kafin ki fara tsarin, sau biyu bayan kin fara. A ce silinda mai kilo 12.5 tana yi miki kwana 30, ta koma 40: a shekara ciko 12 ya koma 9, kuɗin ciko uku ya zauna a hannunki. Kada ki sa ran gas ɗin zai ragu da rabi, domin shayin safe, suyar ƙosai, abincin rana da ruwan wanka lokacin hunturu duk daga silinda ɗaya suke sha. In kin ƙirga kika ga babu wani bambanci, ki tsaya kusa da tukunyar a girki na gaba ki saurara. In hucinta yana kai wa har falo, wutar ce ba ki rage ba.